Kai-Komon Zato da Yadda Yake Yanke Kuɗin Zaɓi: Misali Daga Masana'antun Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya san unguwannin masana'antu na Kano, watau Bompai da Sharaɗa da Challawa, ya san cewa rabin ransu yana rataye ne a kan farashin dala. Mai kamfanin roba a Sharaɗa daga ƙasashen waje yake sayo ƙwayar robar da yake narkawa, kuma da dala yake biya. Mai majema a Challawa kuwa jemammiyar fata yake fitarwa waje, a biya shi da kuɗin ƙetare. Na farko yana tsoron dala ta hau, na biyu yana tsoron ta sauka, kuma dukansu biyu ba su san abin da wata uku za su haifar ba.

Daga cikin hanyoyin da masu harkar kuɗi suka ƙago domin kāre kai daga irin wannan rashin tabbas akwai takardar zaɓi, wadda 'yan kasuwa ke kira ofshin. A shekarar 2011 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin da suka ba bankuna damar yin irin wannan ciniki a kan kuɗin ƙetare. Wannan maƙala za ta dubi lamba guda ɗaya tak, wadda ita ce ke yanke tsada ko arahar takardar. Masana suna kiranta infilayid folatiliti, a nan kuwa za a kira ta kai-komon zato. Za a nuna yadda ake zaƙulo ta daga cikin kuɗin da banki ya faɗa, da abin da take nufi, da kuma dalilin da ya sa ta kan yi tsada a daidai lokacin da naira take kwance kamar ba ta motsi.

Takardar Zaɓi da Kafin Alƙalami

Takardar zaɓi yarjejeniya ce wadda ke ba mai ita damar sayen wani abu, ko sayar da shi, a kan farashin da aka yanke tun yau, a wata rana da aka ajiye nan gaba. Dama ce, ba tilas ba. In ranar ta zo ya ga cinikin ya yi masa, sai ya karɓa. In bai yi masa ba, sai ya bari. Wadda ke ba da damar saye ita ce zaɓin saye, wadda ke ba da damar sayarwa kuwa zaɓin sayarwa. Farashin da aka yanke za a kira shi yankakken farashi, abin da aka biya domin samun damar kuma shi ne kuɗin zaɓi.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga makamancin wannan. Wanda ya ba da kafin alƙalami a kan gida ya riƙe damar saye ne, kuma yana iya fasawa. Amma fa akwai bambanci. Kafin alƙalami yana shiga cikin kuɗin gida idan ciniki ya faɗa, shi kuwa kuɗin zaɓi ba ya shiga cikin komai. Ko an saya ko an fasa, ya tafi ke nan, kamar kuɗin inshora.

Tambayar ita ce nawa ya kamata a biya. A shekarar 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam a Nijeriya, Fischer Black da Myron Scholes suka buga hanyar lissafin da ta amsa wannan tambaya, kuma a watan Afrilun shekarar ne aka buɗe kasuwar takardun zaɓi a birnin Chicago. A 1983 Mark Garman da Steven Kohlhagen suka daidaita lissafin domin ya dace da canjin kuɗi. Lissafin yana bukatar farashin yau, da yankakken farashi, da yawan lokacin da ya rage, da kuɗin ruwan kuɗaɗen biyu, sa'an nan da gwargwadon yadda farashi zai yi ta hawa da sauka kafin ranar. Duk sauran ana iya karanta su a takarda ko a allon kasuwa. Na ƙarshen ne kaɗai ba wanda ya gan shi, domin yana gaba. Saboda haka duk wata jayayya a kan kuɗin zaɓi jayayya ce a kan wannan lamba.

Kai-Komon Baya da Kai-Komon Zato

Kai-komon farashi iri biyu ne, kuma rikita su shi ne tushen asarar mutane da yawa. Na farko shi ne kai-komon baya. Ana samunsa ne ta hanyar ɗauko farashin kowace rana na watannin da suka shige, a auna yadda ya riƙa tsalle, a mayar da shi ma'aunin shekara. Wannan labarin jiya ne.

Na biyu shi ne kai-komon zato, kuma ba a auna shi daga tarihi. Juya lissafi ake yi. Maimakon a sa kai-komo a fitar da kuɗin zaɓi, sai a ɗauki kuɗin da mai sayarwa ya nema, a tambaya: wane kai-komo ne, in an sa shi cikin lissafin, zai ba da wannan kuɗi daidai? Amsar ita ce kai-komon zato. Bilhasali, shi ne kuɗin zaɓin kansa da aka fassara zuwa kashi cikin ɗari, domin a iya gwada takardar wata uku da ta wata shida, ko ta wannan banki da ta wancan. Shi ya sa dillalan bankunan duniya idan suna cinikin zaɓi a kan kuɗin ƙetare, da wannan lamba suke taya wa juna.

Dalilin da ya sa yawan kai-komo ke ƙara wa takarda daraja a bayyane yake. Mai zaɓin saye ba shi da abin da zai rasa fiye da kuɗin da ya riga ya biya, alhali ribarsa ba ta da iyaka. Idan farashi ya yi babban tsalle ƙasa, asararsa tana nan yadda take. Idan ya yi babban tsalle sama, ribarsa ta ƙaru. Saboda haka manyan tsalle-tsalle alheri ne gare shi ta fuska ɗaya, ba su kuwa cutar da shi ta ɗaya fuskar. Haka abin yake ga mai zaɓin sayarwa. Kai-komon zato ba ya faɗin inda farashi zai nufa, nisan tafiyar kawai yake faɗi.

Misali Daga Sharaɗa

A ƙaddara wani kamfanin roba a Sharaɗa ya yi odar ƙwayar roba ta dala 100,000, wadda zai biya bayan wata uku. Lambobin da ke tafe na misali ne, an zaɓe su domin sauƙin lissafi. A ce dala tana naira 1,440 yau, banki kuma ya ce zai ƙulla cinikin gaba na wata uku a kan naira 1,500. Wannan ƙarin naira 60 ba hasashen faɗuwar naira ba ne lalle. Ya fito ne daga ratar kuɗin ruwa, domin ajiyar naira tana kawo ruwa fiye da ajiyar dala. Farashin gaba, watau 1,500, shi ne tsakiyar da ake auna zaɓi daga gare ta.

Ma'ajin kamfanin ya nemi zaɓin sayen dala a kan 1,500, banki ya ce naira 75 a kan kowace dala, jimla naira miliyan bakwai da rabi. Ta yaya zai san ko da tsada? Idan yankakken farashi ya yi daidai da farashin gaba, akwai gajeriyar hanya wadda ke ba da amsa kusa da ta cikakken lissafi:

C ≈ 0.4 × F × σ × √T

A nan C shi ne kuɗin zaɓi, F farashin gaba, σ kai-komo na shekara, T kuwa lokacin da ya rage a ma'aunin shekara. Alamar √T tana nufin lambar da, in aka ninka ta da kanta, za ta ba da T. Wata uku rubu'in shekara ne, watau 0.25, saboda haka √T ya zama 0.5. An bar ragin kuɗin ruwa na wata ukun a gefe, wanda zai rage amsar da 'yan kashi kaɗan kawai.

Da waɗannan lambobi, 0.4 sau 1,500 sau 0.5 ya ba da 300. Ke nan kuɗin zaɓi shi ne 300 sau kai-komo. Idan kai-komo kashi 10 ne cikin ɗari, kuɗin naira 30 ne. Idan kashi 20 ne, naira 60. Idan kashi 40 ne, naira 120. A lura cewa farashin dala bai motsa ko da kwabo ba a cikin ukun nan, amma abin da kamfani zai biya ya tashi daga naira miliyan uku zuwa miliyan goma sha biyu.

Yanzu sai a juya. Banki ya ce 75, a raba 75 da 300, a sami 0.25. Ashe abin da bankin yake sayarwa shi ne kai-komo na kashi 25 cikin ɗari. Wannan ita ce lambar da ma'aji zai riƙe.

Akwai tarko a nan wanda ya kamata a kiyaye. Da ma'ajin ya nemi yankakken farashi na 1,440, watau farashin yau, da kuɗin zaɓin ya haura naira ɗari, ya ce bankin ya tsawwala. Alhali wani ɓangare na ƙarin ba na kai-komo ba ne, na ratar kuɗin ruwa ne. Wanda ya sa farashin yau a gurbin farashin gaba zai fitar da kai-komon zato wanda ya fi na gaskiya nesa ba kusa ba.

Abin da Kashi 25 Yake Nufi

Kashi 25 ma'aunin shekara ne, sai an sauko da shi zuwa lokacin cinikin. Na wata uku shi ne 25 sau 0.5, watau kashi 12 da rabi, wanda a kan 1,500 ya kama kimanin naira 188. Ma'anar ita ce, bisa zaton lissafin, sau biyu cikin uku dala za ta ƙare ne tsakanin wajen 1,312 da 1,688. Sau ɗaya cikin uku kuwa za ta fita daga wannan da'ira, ko sama ko ƙasa.

Akwai kuma hanyar auna shi da rana. Ranakun kasuwa a shekara sun kai wajen 252, lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da hakan kuwa kusan 16 ce. A raba 25 da 16, a sami kashi ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya. Watau kasuwa ta yi wa takardar kuɗi ne kamar dala za ta riƙa motsa naira 22 ko 23 kowace rana. Wannan ma'auni ne da ko ɗan canji na kasuwar Wapa a Fagge zai gane nan take, kuma zai iya faɗin ko ya yi kama da abin da yake gani.

Amma shi kamfani, abin da ya fi damunsa shi ne ranar biya. Idan dala ta kai 1,700, zai yi amfani da damarsa ya saya a 1,500, a haɗa da 75, kowace dala ta tsaya masa a 1,575. Idan ta sauka zuwa 1,350, zai yar da takardar ya saya a kasuwa, ta tsaya masa a 1,425, alhali wanda ya ɗaure kansa da cinikin gaba dole ya biya 1,500. Daga nan za a ga cewa zaɓi ba ya fin cinikin gaba sai dala ta sauka ƙasa da 1,425, ba ya kuma fin zama hannu rabbana sai ta haura 1,575. A tsakanin lambobin biyu, akwai wata hanya da ta fi shi ta kowane hali. Wannan tazara ta naira 75 a kowane gefe ita ce farashin kai-komo, kuma tana faɗaɗa ne gwargwadon hawan kai-komon zato.

Yadda Mai Gaskiya Kan Yi Asara

Ga ɗan kasuwar da ya sayi takarda domin ya sayar kafin wa'adi, kai-komon zato da kansa haja ce mai hawa da sauka. Gwargwadon yadda kuɗin zaɓi ke canzawa idan kai-komon zato ya motsa da maki ɗaya shi ne masana ke kira bega. A misalin da ke sama, tun da kuɗin 300 ne sau kai-komo, maki ɗaya naira 3 ne a kan kowace dala, watau naira 300,000 a kan cinikin duka.

A ƙaddara an sayi takardar ne ana saura kwana kaɗan Babban Banki ya yi wata sanarwa da kowa ke ɗari-ɗari da ita. Tsoron ne ya kai lambar 25. Sanarwa ta fito, ba wani abin tashin hankali, farashin gaba ya ɗan hau daga 1,500 zuwa 1,520, kai-komon zato kuwa ya sauko zuwa 15. Mai takarda ya yi murna, domin hasashensa cewa dala za ta hau ya tabbata. Amma lissafi ya nuna wani abu dabam. Takardar da ke daidai tsakiya tana cin kusan rabin motsin farashi ne, saboda haka hawan naira 20 ya ƙara mata 10. Saukar maki goma kuwa, kowane a kan naira 3, ta rage mata 30. Mako gudan da ya shige shi ma ya ɗan gutsura. Takardar da aka saya 75 ta koma wajen 54. Ya yi daidai a kan alƙibla, ya kuma yi asarar fiye da naira miliyan biyu.

Ana iya hango wannan tun kafin ya auku. Alamarsa ita ce idan kai-komon zato na gajeren wa'adi, kamar wata ɗaya, ya haura na wata shida ko shekara. Wannan yana nuna cewa kasuwa ta tara tsoronta ne a kan rana guda da aka sani. Da zarar ranar ta wuce, tsoron ya wuce, kuɗinsa kuma ya bi shi. Haka ake gani a manyan kasuwanni. Ma'aunin VIX, wanda ke auna kai-komon zato na hannayen jarin Amirka, ya rufe sama da 82 a ranar 16 ga Maris 2020, lokacin annobar korona, kafin watan Yuni kuwa ya sauko ƙasa da rabin haka.

Dalilin Tsadar Farashi Mai Nisa

Ma'ajin da ya ga 75 ya yi masa yawa zai iya cewa a ɗaga masa yankakken farashi zuwa 1,700, ya kāre kansa daga babbar masifa kawai. A nan gajeriyar hanya ba ta aiki, sai cikakken lissafi, kuma abin da yake nunawa abin lura ne. Idan kai-komo kashi 10 ne, wannan takarda ba ta kai naira ɗaya ba. A kashi 20 tana wajen naira 8. A kashi 40 ta haura naira 50. Watau ninka kai-komo sau biyu, wanda ya ninka kuɗin takardar tsakiya sau biyu kacal, ya ninka na mai nisa fiye da sau shida. Takarda mai nisa ba ta da wata daraja sai ta zaton babban tsalle.

Da a ce lamba ɗaya ake sa wa kowane yankakken farashi, da a kashi 25 takardar 1,700 za ta kama wajen naira 17. Amma banki zai iya cewa 32, wanda in aka juya shi zai ba da kai-komon zato na kusan kashi 32. Wannan ba kuskure ba ne. Lissafin Black da Scholes ya ginu ne a kan zaton cewa farashi yana tafiya taki-taki, ba ya tsallake rami. Ranar 19 ga Oktoba 1987, da kasuwar hannayen jari ta New York ta faɗi da fiye da kashi 22 a yini guda, ta koya wa dillalai cewa zaton ba haka yake ba. Tun daga nan suke ƙara lambar a gefen da suke tsoro. Wannan shi ne karkatar kai-komo. A hannayen jari, gefen faɗuwa ne ke da tsada. A kuɗi irin naira kuwa, zaɓin sayen dala ne ke da tsada, domin kowa ya san ta wace ƙofa ɓarawo ya saba shigowa.

Kwanciyar Naira da Tsallenta

A nan ne darasin ya fi shafar Kano. A kasuwar da aka sakar wa farashi mara, kai-komon baya da na zato ba su cika nisa da juna ba, ko da yake na zato kan ɗan fi yawa, domin mai ɗaukar kasada yana neman ladansa. Amma naira ta daɗe tana da wata ɗabi'a, watau a riƙe ta wuri ɗaya tsawon lokaci, sa'an nan a sake ta a rana ɗaya.

Daga farkon 2015 zuwa tsakiyar 2016, farashin hukuma ya tsaya tsakanin naira 197 da 199. A ranar 20 ga Yuni 2016 aka sassauta, a yinin nan ya koma wajen 280. A farkon Yuni 2023 yana wajen 460. A ranar 14 ga watan aka haɗe hanyoyin canji, kafin watan ya ƙare ya zarce 700. A ƙarshen Janairu 2024 kuma, cikin 'yan kwanaki, ya tashi daga wajen 900 zuwa sama da 1,400. Duk wanda ya auna kai-komon baya a jajibirin tsalle na farko ko na biyu, zai sami lamba 'yar ƙarama ƙwarai.

Ga yadda zaton tsalle ke zama kai-komon zato. A ƙaddara an riƙe dala a 200, kasuwa kuma tana ganin akwai yiwuwar ɗaya cikin biyar a sake ta zuwa 280 cikin wata uku, in ba haka ba ta zauna inda take. Idan aka bar kuɗin ruwa a gefe, farashin gaba zai zama 200 da kashi ɗaya cikin biyar na ratar 80, watau 216. Zaɓin saye a kan 216 zai ci naira 64 idan an saki, ba zai ci komai ba idan ba a saki ba, saboda haka darajarsa kashi ɗaya cikin biyar na 64 ce, watau 12.8. A sa wannan cikin gajeriyar hanya: 0.4 sau 216 sau 0.5 ya ba da 43.2, a raba 12.8 da shi, a sami kusan kashi 30. Kai-komon baya sifiri, na zato talatin, kuma babu wanda ya yi zamba.

Wanda bai fahimci wannan ba, kwaɗayi zai ja shi. A ɗauki mai majema a Challawa wanda yake jiran dalar fatar da ya tura. Ya ga farashi bai motsa ba shekara guda, ga kuma wani zai ba shi 12.8 a kan kowace dala domin damar da yake ganin ba za a taɓa amfani da ita ba. Ya sayar da zaɓin, ya karɓa, wa'adi ya cika ba abin da ya faru. Ya sake, ya kuma karɓa. A karo na uku aka saki naira, sai ga shi zai ba da dala a 216 alhali tana 280. Asarar 64 ta cinye ribar karo biyar. In dalarsa ta iso, ribar da zai ci ce kawai ta kuɓuce masa. In kuwa mai saye ya ƙi kayan, ko biya ya yi jinkiri, dole ya nemo dala a sabon farashi ya cika alkawari, kuma daga nan ne karaya ke farawa.

Alamun irin wannan yanayi ba ɓoyayyu ba ne. Ta farko ita ce rata mai faɗi tsakanin farashin hukuma da na 'yan canji, kamar yadda aka gani a farkon 2023, sa'ad da na hukuma yake wajen 460, na kasuwar bayan fage kuwa ya haura 700. Ta biyu ita ce tarin masu jiran dala a bankuna ba su samu ba. Ta uku ita ce farashin gaba da ya yi nisa da na yau fiye da abin da ratar kuɗin ruwa za ta iya bayyanawa. Idan ukun nan suka haɗu, lambar kai-komon baya ba ta da amfani.

Iyakokin Lambar

Kai-komon zato yana da ƙarfi ne gwargwadon ƙarfin kasuwar da ta haife shi. A kan dala da yuro, inda dubban dillalai ke ciniki, lambar ra'ayin jama'a ce. A kan naira masu cinikin zaɓi kaɗan ne, saboda haka lambar da banki ya faɗa tana iya zama ra'ayinsa shi kaɗai, haɗe da wahalar da zai sha wajen kāre kansa. Hanyar ganewa ita ce a tambaye shi farashi biyu, na sayarwa da na saye. Idan zai sayar a kashi 28 amma ya saya a kashi 22, ratar maki shida ce, wadda a misalin Sharaɗa ta kama naira 18 a kowace dala, watau naira miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da suka tafi tun ranar sa hannu ga wanda zai so fita kafin wa'adi.

Abu na biyu shi ne a karanta yarjejeniya a ga da wane farashi za a warware ta, kuma dala za a miƙa ko kuwa bambancin ne za a biya da naira. Takardar da ke bin farashin hukuma ba ta kāre kamfanin da a ƙarshe zai sayi dalarsa a Wapa, idan farashin biyu suka raba hanya. Kai-komon da ya biya kuɗinsa na wani farashi ne, wanda ke cin sa kuma na wani.

Kammalawa

An nuna cewa a cikin abubuwan da ke yanke kuɗin zaɓi, kai-komo ne kaɗai ba a gani, kuma kai-komon zato shi ne kuɗin da kansa bayan an juya lissafi. Ga ma'ajin kamfani a Bompai ko Sharaɗa ko Challawa, aikin yana bin tsari ne. Ya fara neman farashin gaba, ya juya kuɗin da aka faɗa masa zuwa kashi cikin ɗari, ya sauko da shi zuwa motsin wata uku da na rana, sa'an nan ya tambayi kansa ko wannan motsi ya dace da abin da ke tafe. Idan naira tana yawo a sake, gwada lambar da kai-komon baya yana da ma'ana. Idan kuwa an riƙe ta, sai ya mayar da tambayar ta zama biyu: wace yiwuwa ce a sake ta kafin wa'adi, kuma in an sake ta ina za ta tsaya? Wanda ya iya amsa waɗannan da lamba ya iya taya takardar zaɓi. Wanda ya dogara da shirun jiya kuwa ya manta da cewa ruwan da ya kwanta bayan madatsa ba ƙafewa ya yi ba.